Sharaɗin tara ko ƙiyasin asara: wanne za a rubuta a takardar kwangila, kuma yaushe kotu ke ƙin zartar da shi

Duk wanda ya taɓa zama a teburin da ake rubuta yarjejeniyar kwangila ya san lokacin da magana ke zuwa kan tambayar da ba a son yi: idan ɗan kwangila bai gama aiki ranar da aka yanke ba, me zai biya? A nan ne mai aiki, musamman wanda aka taɓa ci wa amana, yakan ce wa lauyansa a rubuta adadi mai nauyi wanda zai hana mutumin barci, domin a ganinsa tsoro ne kaɗai ke sa a cika alƙawari. Lauyan da ya san aikinsa yakan ja shi baya, saboda a tsarin shari'ar da Nijeriya ta gada daga Ingila, adadin da aka rubuta don tsoratarwa shi ne mafi rauni idan an je gaban alƙali, alhali adadin da aka zauna aka lissafa bisa asarar da ake hasashe shi ne kotu ke zartarwa ba tare da ta nemi a kawo rasit ko ɗaya ba.

Abubuwa biyu ne ake kwatantawa, kuma a kan takarda suna iya zuwa da kalmomi iri ɗaya. Na farko shi ne sharaɗin tara, wato kuɗin da aka ɗora wa wanda ya saɓa yarjejeniya domin a hukunta shi ko a razana shi, ba tare da an damu ko ya yi daidai da ɓarnar da saɓawar za ta jawo ba. Na biyu shi ne ƙayyadajjiyar diyya, wato adadin da ɓangarorin biyu suka amince tun ranar sa hannu cewa shi ne kimanin asarar da jinkiri ko wata saɓawa za ta haifar, domin su huta da gardama idan abin ya faru. Kotu tana zartar da na biyu kamar yadda aka rubuta shi. Na farko kuwa ba ta zartar da shi, sai dai ta mayar da mai ƙara kan hanyar da kowa ke bi, ya tabbatar da ainihin abin da ya yi asara da hujja, sannan a biya shi wannan kaɗai. Sauran yarjejeniyar tana nan daram, sharaɗin ne kawai ke faɗuwa.

Domin a ga bambancin a kusa, mu ɗauki misali na ƙirƙira, da adadin da aka sa don bayani kawai. Wani ɗan kasuwa mai sayen riɗi a wajen kasuwar Dawanau ta Kano ya ba da kwangilar gina masa babban sito a kan naira miliyan 200, da sharaɗin a miƙa masa makulli a ƙarshen watan Satumba, kafin kaya su fara shigowa daga ƙauyuka. An gabatar masa da rubutu iri biyu. Na farko ya ce idan ɗan kwangila ya saɓa kowane sharaɗi na yarjejeniyar, zai biya naira miliyan 50. Na biyu ya ce idan aka wuce ranar miƙa gini, ɗan kwangila zai biya naira miliyan 1 da dubu 200 a kan kowane mako na jinkiri, har iyakar kashi 10 cikin 100 na kuɗin kwangilar, wato miliyan 20. Wannan adadi na mako ba daga sama ya faɗo ba, domin an haɗa shi ne daga hayar wani sito na wucin gadi a kan dubu 600, da ƙarin kuɗin mota da na leburorin da za su yi lodi da sauke kaya sau biyu a kan dubu 350, da ƙarin masu gadi a kan dubu 100, da kuɗin injiniyan da zai ci gaba da duba aikin a kan dubu 150.

Mu ce aikin ya yi jinkirin mako 6. A ƙarƙashin rubutu na biyu lissafin bai wuce minti ɗaya ba: naira miliyan 7 da dubu 200, kuma idan yarjejeniyar ta ba da dama, mai sito zai cire su daga ragowar kuɗin da bai biya ba tukuna, ba tare da ya taka ƙofar kotu ba. A ƙarƙashin rubutu na farko kuwa, da zarar ya nemi miliyan 50 lauyan ɗan kwangila zai nuna wa alƙali cewa wannan adadi ɗaya ne ko da jinkirin kwana ɗaya ne ko na shekara, kuma ɗaya ne ko da saɓawar ba ta wuce an shafa fenti mai launin da ba a yi yarjejeniya a kansa ba. Idan alƙali ya gamsu cewa tara ce, sai a ce wa mai sito ya kawo hujjar asararsa. Hayar siton wucin gadi tana da rasit, miliyan 3 da dubu 600, amma leburori da direbobi da masu gadi a hannu aka riƙa biyansu kullum da yamma kamar yadda aka saba a kasuwa, babu takarda. Mutumin da ya so ya riƙe bulalar miliyan 50 yana iya ƙarewa da abin da bai kai miliyan 4 ba, bayan shari'ar da ta ci masa lokaci da kuɗin lauya.

Ma'aunin da kotunan da ke bin tsarin Ingila suka daɗe suna aiki da shi ya samo asali ne daga shari'ar kamfanin taya na Dunlop da wani garejin sayar da kayan mota mai suna New Garage, wadda kotun Majalisar Dattawan Birtaniya, kotun ƙoli ta wancan lokaci, ta yanke a 1914. Garejin ya yi alƙawarin ba zai sayar da kayan Dunlop ƙasa da farashin da kamfanin ya yanke ba, kuma idan ya yi haka zai biya fam 5 a kan kowace taya ko tib da ya sayar. Ya karya farashin, sannan ya ce fam 5 tara ce. Kotu ta ce a'a, domin ɓarnar da karya farashi ke yi wa tsarin dillalan kamfanin gaba ɗaya abu ne na gaske amma mai wuyar aunawa, kuma fam 5 ba ta wuce hankali ba. A cikin wannan hukunci ne mai shari'a Lord Dunedin ya tsara alamomin da har yau lauyoyi ke karantowa, a Nijeriya ma haka.

Alamar da ta fi kowace nauyi ita ce girman adadin idan an kwatanta shi da asara mafi muni da za a iya tunanin saɓawar ta haifar. Abin lura a nan shi ne da mafi muni ake kwatantawa, saboda haka adadin da ya ɗan zarce matsakaiciyar asara ba ya zama tara don wannan kaɗai, sai ya kai matsayin da mai hankali zai ce wannan ya wuce gona da iri. Alama ta biyu ita ce idan saɓawar ita ce rashin biyan wani kuɗi, sannan aka ce wanda bai biya ba zai biya wani adadi da ya fi shi yawa. Ta uku ita ce wadda ta kayar da miliyan 50 na mai sito, wato a ɗora dunƙulallen adadi guda a kan saɓawa iri-iri, wasu manya wasu kuma ba su taka kara sun karya ba, kuma wannan zato ne da ake iya kawar da shi da hujja, kamar yadda ya faru a shari'ar Dunlop ɗin kanta. Sai kuma ƙa'ida ta huɗu wadda take goyon bayan mai aiki: wahalar ƙiyasta asara daidai ba ta mayar da sharaɗi tara, hasali ma irin wannan yanayi ne ya fi dacewa mutane su yanke adadi tun farko.

Mutane da yawa suna zaton sunan da aka ba sharaɗin a takarda shi ne ke yanke hukunci, har wasu lauyoyi sukan ƙara jimla cewa ɓangarorin sun amince wannan diyya ce ba tara ba. Jimlar ba ta cutarwa, amma ba ta ceton sharaɗin da ya lalace. Tun a 1829, a shari'ar Kemble da Farren, an ɗauki wani ɗan wasan kwaikwayo ya yi wasa na kaka huɗu a gidan wasa na Covent Garden a Landan, ana biyansa fam 3 da sule 6 da kwabo 8 a kowane dare, kuma aka rubuta cewa duk wanda ya saɓa kowane ɓangare na yarjejeniyar zai biya fam 1,000, tare da bayyana ƙarara cewa ƙayyadajjiyar diyya ce ba tara ba. Kotu ta lura cewa da mai gidan wasan zai makara wajen biyan kuɗin dare ɗaya, fam 1,000 za ta hau kansa, saboda haka ta ƙi zartar da adadin duk da sunan da aka laƙaba masa. Akasin haka ma ya faru, inda takarda ta ce tara amma kotu ta zartar.

Wannan shi ne labarin kamfanin ƙera jiragen ruwa na Clydebank a Sikotilan da gwamnatin Sifaniya, wanda aka yanke a 1904. Sifaniya ta ba da kwangilar ƙera mata jiragen yaƙi 4, da sharaɗin fam 500 a kan kowane jirgi a kowane mako na jinkiri, kuma kalmar tara aka yi amfani da ita a takardar. An makara sosai, har abin da ya taru ya kai fam 67,500. Kamfanin ya kawo wata hujja mai ban dariya, cewa ai da an miƙa jiragen a kan lokaci da Amurka ta nutsar da su tare da sauran jiragen Sifaniya a yaƙin 1898, saboda haka jinkirin alheri ya yi wa mai saye. Kotu ta yi watsi da wannan, kuma darasin da ke ciki yana da amfani ƙwarai ga mai sitonmu. Ranar da aka sa hannu ake dubawa, ana tambaya ko adadin ya yi ma'ana bisa abin da ɓangarorin suka sani a ranar. Idan mai sito ya yi sa'a wani ɗan'uwansa ya ara masa wurin ajiya kyauta a makonnin jinkirin, ɗan kwangila ba zai ce tun da asarar ta zo da sauƙi sai a rage masa ba, miliyan 7 da dubu 200 suna nan a kansa.

Sai dai wuƙar tana da kaifi biyu, kuma wannan ne ɓangaren da masu ba da kwangila suka fi mantawa. Ƙayyadajjiyar diyya rufi ce a kan abin da mai aiki zai iya nema game da saɓawar da ta shafa. A shari'ar kamfanin Cellulose Acetate da kamfanin Widnes Foundry, wadda ake ambata da shekarar 1933, an yi yarjejeniyar kafa wata na'urar masana'anta da sharaɗin fam 20 a kan kowane mako na jinkiri. An yi jinkirin mako 30, masu masana'antar suka ce ainihin asararsu ta kai fam 5,850, amma kotu ta ba su fam 600 kacal, domin abin da suka sa wa hannu ke nan. Saboda haka idan hayar sito ta yi tashin gwauron zabo a Dawanau a wannan kaka, asarar ɗan kasuwarmu ta kai miliyan 12 a mako 6, ba zai samu fiye da miliyan 7 da dubu 200 ba. Haka kuma iyakar kashi 10 cikin 100 tana nufin cewa bayan mako na 17 adadin ya daina ƙaruwa, kuma idan bai tanadi damar soke kwangilar a wannan gaɓa ba, ɗan kwangila ba shi da sauran abin da ke matsa masa ta fuskar jinkiri. A ganina wannan ya fi haɗarin soke sharaɗi yawan faruwa, musamman a ƙasar da darajar kuɗi ke zaizayewa, inda adadin da ya yi daidai ranar sa hannu zai iya zama abin wasa bayan shekara biyu. Maganinsa shi ne a yi lissafin bisa asara mai nauyi da ake iya hasashe, kuma idan kwangilar mai dogon zango ce a tanadi yadda adadin zai riƙa tafiya da kuɗin kwangilar idan aka sake duba farashi.

Akwai ma wani kuskure da ke faruwa a kwangilolin gini da ake cike gurabe a takardar da aka riga aka buga. Wani ya ga gurbin adadin diyyar jinkiri, sai ya rubuta babu, yana zaton ya bar wa kansa damar neman cikakkiyar asara. A shari'ar Temloc da Errill ta 1987 kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta ce wanda ya rubuta haka ya amince ne cewa diyyar jinkiri sifili ce, bai samu komai ba. Wanda ba ya son ƙayyadajjen adadi ya soke sharaɗin gaba ɗaya, ya kuma rubuta cewa yana da haƙƙin neman diyya ta hanyar da aka saba.

A 2015 Kotun Ƙolin Birtaniya ta sake duba ma'aunin gaba ɗaya a shari'o'i biyu da ta haɗa ta yanke tare, ɗaya ta miliyoyin daloli ɗaya kuma ta fam 85. A ta farko, wani ɗan kasuwar Lebanon mai suna Makdessi ya sayar wa kamfanin Cavendish da hannun jari mai yawa a babban rukunin kamfanoninsa na talla a Gabas ta Tsakiya, da alƙawarin ba zai yi gogayya da kasuwancin da ya sayar ba, kuma idan ya yi, zai rasa kaso biyu na ƙarshe na kuɗin cinikin, sannan a karɓi ragowar hannun jarinsa a farashi mai rahusa. A ta biyu, wani direba mai suna Beavis ya ajiye mota a filin ajiye motoci na wasu kantuna a garin Chelmsford, inda aka ba da awa 2 kyauta, ya zarce da kusan awa ɗaya, sai kamfanin ParkingEye mai kula da filin ya caje shi fam 85. Babu wanda ya yi da'awar cewa fam 85 ƙiyasin asara ce, domin kamfanin bai yi asarar komai ba don mota ɗaya ta daɗe. Duk da haka kotu ta zartar da sharuɗɗan a shari'o'in biyu.

Sabon ma'aunin yana tambaya ne ko sharaɗin ya ɗora wa mai saɓawa nauyin da ya zarce duk wani halattaccen muradi da ɗaya ɓangaren ke da shi na ganin an cika ainihin alƙawarin, zarcewar da ba ta da kan gado. Muradin ParkingEye shi ne motoci su riƙa shiga suna fita domin masu sayayya su samu wuri, da kuma samun kuɗin tafiyar da tsarin, kuma fam 85 ba ta wuce hankali ba idan an auna da wannan. Muradin Cavendish kuwa shi ne kare farin jinin kasuwancin da ya biya kuɗi mai yawa a kansa, wanda ya dogara da amanar mutumin da ya kafa shi. Ma'anar wannan ita ce hana saɓawa ya daina zama laifi a karan kansa, matuƙar akwai muradi na gaske a bayansa kuma adadin bai fita daga hankali ba. Kotun ta kuma jaddada cewa idan 'yan kasuwa ne masu ƙarfi kusan ɗaya, kowa da lauyansa, abin da aka fi zato shi ne sun fi alƙali sanin abin da ya dace da cinikinsu.

Ya kamata a yi hattara wajen ɗauko wannan hukunci zuwa gida. Hukuncin kotunan Ingila na yanzu ba ya ɗaure kotunan Nijeriya, sai dai alƙali yana iya karɓarsa idan ya gamsu da hujjarsa, kuma ba duk ƙasashen da suka gaji wannan tsari ne suka bi sabuwar hanyar ba, domin kotun ɗaukaka ƙara ta Singapore ta zaɓi ta tsaya a kan ma'aunin Dunlop a 2020. Saboda haka mai rubuta kwangilar da za a yi shari'arta a Kano ko Kaduna ko Legas ya fi samun kwanciyar hankali idan sharaɗinsa zai tsallake tsohon ma'aunin mai tsauri, domin abin da ya tsallake shi zai tsallake sabon ma. Mu koma ga mai sito. Idan yana da yarjejeniya da wani mai fitar da riɗi waje, wanda zai iya rasawa idan ba shi da tsaftataccen wurin tara kaya a kan lokaci, yana iya ɗaga adadin zuwa miliyan 2 a mako, ya rubuta wannan dalili a cikin yarjejeniyar, kuma da wuya kotu ta kira shi tara a kowane ma'auni, tun da asara mafi muni da ake iya hasashe ta zarce haka. Amma miliyan 50 a kan kowace irin saɓawa yana da wuyar karewa ko a sabon ma'aunin, domin babu wani muradi da zai sa launin fenti ya kai rubu'in kuɗin kwangila.

Wani abin da hukuncin 2015 ya ƙara fitowa da shi fili shi ne cewa ƙa'idar tara tana aiki ne kawai a kan abin da ke hawa kan mutum saboda ya saɓa alƙawari. Ba ta shiga cikin farashin da aka yi ciniki a kansa. Idan mai sito ya ce kuɗin aikin miliyan 190 ne, da ƙarin ladan miliyan 10 idan an gama kafin ƙarshen Satumba, ɗan kwangilar da ya makara bai biya tara ba, lada ne bai samu ba. Lauyoyi suna amfani da wannan ƙofa, sai dai kotu tana duba haƙiƙanin abin, kuma idan ta ga tara ce aka sa wa rigar farashi za ta kira ta da sunanta. Kuɗin kafin alƙalami da ake ajiyewa don tabbatar da ciniki shi ma yana da nasa hukunci: mai sayarwa yana iya riƙe shi idan mai saye ya janye, amma sai ya kasance daidai gwargwado. A wata shari'ar sayar da fili daga Jamaika a 1993, kwamitin shari'a na Majalisar Sarauniyar Birtaniya ya ce kashi 10 cikin 100 shi ne abin da aka saba, ya kuma ƙi yarda a riƙe kashi 25 da ba a kawo dalili na musamman a kansa ba.

Akwai hanyar da sharaɗi mai kyau, wanda aka lissafa shi tsaf, ke mutuwa a hannun mai shi, kuma ba ta da alaƙa da girman adadi. Idan mai aiki ne ya jawo wani ɓangare na jinkirin, misali bai miƙa fili a kan lokaci ba, ko ya sauya zane ana tsakiyar aiki ya ce a ƙara ɗakin awo a gefen siton, kuma yarjejeniyar ba ta tanadi hanyar ƙara wa ɗan kwangila wa'adi ba, to ranar da aka yanke tana iya rushewa, diyyar mako-mako kuma ta rushe tare da ita, domin babu ranar da za a fara ƙirge daga gare ta. Kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta tabbatar da wannan a shari'ar Peak da McKinney a 1970. Mutane suna ɗaukar sharaɗin ƙarin wa'adi a matsayin sassauci ga ɗan kwangila, alhali mai aiki ya fi amfana da shi, saboda shi ne ke raya diyyarsa. Duk lokacin da ya ba da umarnin da zai ci lokaci, ya rubuta kwana nawa aka ƙara da sabuwar ranar miƙa aiki.

To wanne za a zaɓa? Idan saɓawar da ake tsoro jinkiri ce, asararta kuma tana taruwa da lokaci amma tabbatar da ita da takardu zai yi wuya, ƙayyadajjiyar diyya ta kwana ko ta mako ita ce ta dace, a raba ta bisa nau'in saɓawa, kowane da nasa adadi. A ajiye takardar lissafin da aka gina adadin a kanta, da kwanan wata, kuma ya fi kyau a aika wa ɗaya ɓangaren kwafinta kafin sa hannu, domin nauyin tabbatar da cewa sharaɗi tara ne yana kan wanda ke son kauce masa, kuma wannan takarda tana sa aikinsa ya yi wuya ƙwarai. Idan kuwa asarar da ake tsoro tana iya zama babba fiye da abin da ɗan kwangila zai yarda ya sa wa hannu, kuma akwai takardun da za su nuna ta, kamar ginin da ya rushe ko kayan da suka lalace, barin ta a buɗe ya fi, domin ƙayyade ta zai zama rufi ne kawai. Shi kuma ɗan kwangila, ƙayyadajjen adadi mai iyaka yana ba shi damar sanin haɗarinsa tun kafin ya yanke farashi, abin da ya sa ƙwararrun cikinsu su ne ke fara neman a sa shi.

Wanda cinikinsa ke tsallaka iyaka ya duba dokar da aka ce za ta mulki yarjejeniyar, domin duk abin da aka faɗa a sama na tsarin Ingila ne. A dokar Faransa sharaɗin tara halattacce ne tun asali, sai dai tun 1975 an ba alƙali ikon rage adadin idan ya yi yawa a fili, ko ƙara shi idan ya yi kaɗan har ya zama abin dariya, saboda haka a can gyara ake yi maimakon sokewa. Ɗan kasuwar Kano da ke ƙulla ciniki da na Maraɗi, inda tushen dokar farar hula na Faransa ne, bai kamata ya ɗauka cewa ma'aunin Dunlop zai bi shi can ba.

Ga Musulmin da ke son yarjejeniyarsa ta dace da shari'ar Musulunci kuma akwai wani layi na daban da ya kamata ya sani. An ruwaito cewa wani mutum ya ce wa mai ba da hayar raƙuma ya shirya dabbobinsa, idan bai fita tafiya tare da shi rana kaza ba, zai ba shi dirhami 100, sannan bai fita ba, sai alƙali Shuraihu ya hukunta cewa sharaɗin da mutum ya ɗora wa kansa da son ransa ba tare da tilas ba yana kansa. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta halatta irin wannan sharaɗi a kan ɗan kwangila ko mai ƙera kaya ko mai kawo kaya da ya makara, tare da cewa ba a aiki da shi idan jinkirin ya zo ne daga abin da ya fi ƙarfinsa ko kuma babu cutar da ta samu ɗaya ɓangaren, kuma kotu tana iya gyara adadin idan ya wuce kima. Amma ta hana shi idan abin da ke kan mutum bashi ne, domin ƙari a kan bashi saboda jinkiri riba ce. A misalinmu wannan yana nufin miliyan 1 da dubu 200 na mako a kan ɗan kwangilar da ya makara da gini ya halatta, amma idan ɗan kwangilar ya nemi a rubuta masa makamancin haka a kan mai sito idan ya makara da biyan kuɗin aiki, wannan ya faɗa cikin abin da aka hana, sai ya nemi kariya ta wata hanya, kamar haƙƙin dakatar da aiki har a biya shi, ko jingina, ko mai tsaya masa.